Ɗiyata ta ci maki 214 amma har yau babu gurbi: in biya mai cewa zai saka sunanta?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Talata Mafara. Ɗiyata mai shekara 17 ta ci maki 214 a jarrabawar JAMB, ta nemi karatun aikin jinya a wata jami'ar tarayya, ta kuma je tantancewa. Yau wata 2 ke nan, duk ranar da muka je shagon kwamfuta sai a ce mana NOT ADMITTED, alhali yaron maƙwabcina da ya ci 189 ya samu. Lokacin rijista sakamakonta na NECO bai fito ba, kuma da layin yayanta aka yi. Yanzu wani ya ce in kawo naira 150,000 ya saka ta cikin kason malamai. A zamaninmu a allo ake liƙa sunaye, mutum ya je ya duba. Wannan sabon tsarin ban gane kansa ba. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Akwai abin da za ku duba yau ɗin nan a wayar hannu, ba tare da an kashe ko kwabo ba, kuma muna kyautata zaton a can matsalar take.

Allon da ka sani yana nan, wuri kawai ya canja. Tun shekarar 2017 hukumar JAMB ta tattara ba da guraben karatu na jami'o'i da kwalejoji a manhaja guda mai suna CAPS. Jami'a ce ke zaɓen ɗalibanta har gobe, amma a cikin wannan manhaja take zaɓen. Jami'in ɗaukar ɗalibai ya gabatar da sunaye, shugaban makaranta ya sa hannu, JAMB ta duba ta amince, sannan ɗalibi da kansa ya ce ya karɓa ko ya ƙi. Hawa huɗu ke nan, kuma duk sunan da bai bi ta cikinsu ba, ko da an ba mai shi takarda mai tambari da sa hannu, a wurin hukuma ba ɗalibi ba ne. Rubutun NOT ADMITTED kuwa ba hukuncin ƙarshe ba ne. Shi ne abin da kowane yaro ke gani tun daga ranar farko har ranar da makaranta ta gabatar da sunansa. Jami'o'i rukuni-rukuni suke fitar da sunaye, kuma sassan lafiya sukan yi jinkiri. Abin da ya kamata ka sani shi ne ko yarinyar tana cikin layin masu jira, ko kuwa tana tsaye a bakin ƙofa ba ta ma shiga layin ba.

Wanda ya yi rijista kafin sakamakon sakandare ya fito, ana rubuta masa cewa yana jiran sakamako. Ranar da NECO ta saki sakamako, ba ya tashi da ƙafarsa ya shiga shafin JAMB. Sai an ɗauke shi an kai an ɗora. Muddin ba a ɗora ba, makaranta ba ta da ikon gabatar da sunan, ko da yarinya ta ci maki 300. A nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa, domin ɗora sakamako sau biyu ake yi, a wurare biyu da ba su haɗa hanya ba: ɗaya a shafin jami'a lokacin cike takardar tantancewa, ɗaya a shafin JAMB. Yaro ya ɗora a na jami'a, an ba shi takarda ya riƙe, ya dawo gida hankali kwance yana cewa ai na ɗora. Ya ɗora ɗin, amma ba inda ake buƙata ba.

Ga yadda za ku gane. Ta buɗe shafin `efacility.jamb.gov.ng` ta shiga da adireshin imel da lambar sirrin da aka yi rijista da su. Ta taɓa `Check Admission Status`, ta zaɓi shekarar jarrabawa, sannan ta taɓa `Access my CAPS`. Idan a waya ne, sau da yawa za ta ga farin shafi da kalmar `Welcome` kaɗai, sai mutum ya ɗauka abin ya lalace. Bai lalace ba. Ta taɓa ɗigo ukun nan da ke saman Chrome ta kunna `Desktop site`, jerin abubuwa zai fito a gefen hagu. A cikinsu ta nemi wurin sakamakon sakandare, wanda ke ɗauke da kalmar `O'Level`. Idan ta ga darussanta jere, kowanne da abin da ta ci a gabansa, B3 ko C5 ko C6, to an ɗora. Idan kuwa wurin fayau yake, ko an rubuta `A/R` a gaban darussan, kun gano ɓarawon.

Maganinsa tafiya ce guda. Ba a ɗora sakamako a shagon kwamfuta na unguwa, komai ƙwarewar mai shagon. Ba shi da izinin shiga wannan ɓangare. Sai a cibiyar CBT, wato wurin rubuta jarrabawa a kwamfuta, da JAMB ta amince da ita, ko a ofishin JAMB na jiha, wanda ku naku yana Gusau, na mutanen Kebbi kuma yana Birnin Kebbi. Yarinyar za ta je da kanta, ba aike ba, da takardar rijistarta ta JAMB da sakamakon NECO da aka buga daga shafin NECO. Kuɗin aikin kaɗan ne, kuɗin mota ma zai fi shi. Kafin ta tashi daga gaban ma'aikacin ta karanta allon da idonta: lambar jarrabawa, shekara, da kowane darasi da makinsa. Hannu kan zame, a rubuta D7 a wurin C4, ko a saka shekarar da ba ita ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu ku sake buɗe CAPS a gida ku tabbatar abin ya zauna. Kada ku ɗauki “an gama” na baki.

Da takardar NECO ɗin a hannunka, ka ƙirga da yatsa. Aikin jinya a jami'a yana neman kiredit 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kiredit daga A1 yake zuwa C6. D7 da E8 an ci, amma ba kiredit ba ne, kuma manhaja ba ta san roƙo ba. Idan Fiziks D7 ne, ko an ɗora sakamakon sau goma ba za a ba ta wannan karatu da shi ba. Idan tana da sakamakon WAEC wanda ta ci Fiziks ɗin a ciki, makarantu da yawa suna yarda a haɗa zama biyu, sai a ɗora duka biyun. Wasu kuma a karatun lafiya zama ɗaya suke so, don haka a karanta sanarwar tantancewar da makarantar ta fitar. Ka duba kuma takardar JAMB ka ga darussa huɗun da ta rubuta: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ake so. Idan mai cike mata rijista ya sa Lissafi ko Aikin Gona a wurin ɗayansu, wannan ba ya gyaruwa bayan jarrabawa, sai dai a nemi karatun da ya dace da abin da ta rubuta. Shekarunta kam babu damuwa, tunda 16 ne mafi ƙaranci.

Yanzu yaron maƙwabci. Ka tambayi mahaifinsa wane sashe aka ba shi, za ka ji ba jinya ba ne. Ba a jera dukan masu neman jami'a a layi guda a ɗebo daga sama. Kowane sashe da layinsa, kuma ɗiyarka da masu neman jinya kaɗai take takara. Makin da JAMB ke sanarwa bayan taronta da shugabannin makarantu, wanda a 2025 ya kasance 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, ƙasan rijiya ne: ma'anarsa kada a ɗauki wanda bai kai haka ba. Ba alkawari ba ne ga wanda ya haura. Jami'a na iya ɗaga nata, kuma a cikin jami'a kowane sashe makinsa yana tsayawa ne inda kujerunsa suka ƙare.

Kujerun jinya kuwa a ƙidaye suke. Hukumar kula da jami'o'i da majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ne ke yanka wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamai da asibitin koyarwa. Shugaban jami'a ba shi da ikon ya ƙara don tausayi. A jami'o'in tarayya ana raba kujerun kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin makarantar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Zamfara da Kebbi duk suna cikin wannan lissafi.

Bari mu buga misali, lambobin namu ne don a gane, ba na wata makaranta ba. A ce kujera 60 aka ware wa masu shigowa ta jarrabawar JAMB. 27 za su tafi ga zakarun maki, 21 ga 'yan yanki, 12 ga jihohin da aka ce an bari a baya, waɗanda sun haura 20, kowacce tana miƙo hannu. Sannan ba makin JAMB tsura ake jera mutane da shi ba. Makarantu da dama suna raba makin JAMB gida 8 ya koma bisa 50, ragowar 50 ɗin su ɗauko daga jarrabawar tantancewa ko daga darajar sakamakon sakandare. Kowace makaranta da lissafinta. A wannan lissafi 214 ya zama 26.75. Idan ta ci 58 cikin 100 a tantancewa, rabinsa 29, jimla 55.75. Wata yarinya daga Gummi mai 240 da 70 tana da 30 da 35, jimla 65. Su biyu 'yan jiha ɗaya ne, kaso ɗaya suke nema, kuma ta Gummi ce gaba. Idan mutum na 21 a kason 'yan yanki ya tsaya a 61, mai 55.75 ba za ta shiga ba, ba don ba ta san kowa ba. Shi kuwa mai 189 yana iya kasancewa a sashen da ke da kujera 120 da masu nema 90. Can ko ba ka yi gudu ba za ka samu wurin zama.

Gaskiya ɗaya ce, Malam: 214 maki ne mai kyau, amma a jinya na jami'ar tarayya yana bakin gaɓa. Tana iya samu ta kason yanki, tana iya rasawa. Don haka bayan an ɗora sakamako, kada a zauna jiran ƙofa ɗaya. Ka kuma duba jiha da ƙaramar hukumar da aka rubuta a takardar rijistarta, domin da abin da ke rubuce ake saka ta a kaso, ba da inda aka yanke cibiyarta ba.

Mu dawo kan mai kason malamai. Ko me aka kira kason, kowane suna sai ya bi ta hawa huɗun nan, kuma babu hawan da ake biyan naira 150,000. Masu wannan sana'a iri uku ne. Na farko zai karɓi kuɗi ya kashe waya. Wannan shi ne mai sauƙin sharri, kuɗi kawai ka rasa. Na biyu ya fi wayo: zai karɓi kuɗin iyaye goma ya zauna bai yi komai ba. Uku daga cikin yaran dama za su samu da ƙoƙarinsu, sai ya ce aikinsa ne, sauran bakwai ya mayar musu da rabi ya ce bana abin ya yi tsauri. Har godiya ake yi masa. Na uku shi ne mai ɓarna ta gaske, wanda zai kawo takardar gurbi, wani lokaci har sunan ya bayyana a wani jeri, yarinya ta biya kuɗin makaranta ta fara shiga aji, alhali CAPS na nan yana cewa NOT ADMITTED. Ba za ku ji ciwon ba sai bayan shekara huɗu ko biyar, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa, a nemi sunanta a rijistar ɗaliban JAMB a rasa. A da hukumar takan yi wa irin waɗannan afuwa ta shigar da su daga baya. A 2024 ta sanar cewa ta rufe wannan ƙofa.

Gwajin mutumin mai sauƙi ne. Ka ce masa ba za ka ba da komai ba sai ka ga gurbin a CAPS na yarinyar da idonka. Zai ce ai sai an biya ake sakawa, ko ya ce ka ba shi imel da lambar sirrinta ya duba mata. Kada ka ba shi. Wanda ya riƙe waɗannan yana iya canja lambar sirri ya kulle ku a waje, daga nan sai ku koma kuna biyansa don ku ga shafin 'yarku. Kuma ko gurbin ya fito bayan ka yi magana da shi, babu abin da ke nuna hannunsa ne.

Idan bayan an ɗora sakamako kun tabbata an tsallake ta an ɗauki wanda ke ƙasa da ita a sashe ɗaya da kaso ɗaya, akwai wurin kai ƙara kyauta a `support.jamb.gov.ng`. Ta rubuta lambar rijistarta, makaranta, sashe, makinta, da abin da take ƙorafi a kai cikin layi huɗu ko biyar, ta adana lambar ƙorafin da za a ba ta. Manhajar tana jera masu nema bisa maki, saboda haka tsallake na sama abu ne da hukumar ke iya gani ta tambayi dalili.

Sai maganar layi, wadda ka ambata a wuce amma ita ce ta biyu a girma. A wurin JAMB lambar wayar da aka yi rijista da ita tamkar sa hannun yarinya ce. Ta wannan layin aka tura lambar NIN aka karɓi lambar buɗe rijista, ta nan saƙonni ke zuwa, ta nan ake sabunta lambar sirri idan an manta, kuma ta nan ake iya karɓar gurbi. Hukumar ba ta canja wannan lamba don an nema. Yau ɗin nan ka kira yayan nata ka tambaye shi ko layin yana aiki. Idan yana aiki, mafi alheri ya cire shi ya ba ta har a gama, ya riƙe wani. Idan ya ɓata ko waya ta faɗi, ya je ofishin kamfanin layin da kansa, tunda da sunansa aka yi rijistar layin, a dawo masa da lambar. Kada a bar shi a aljihun tsohuwar riga: layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na ƙwacewa ya sayar wa wani, daga nan saƙon gurbin 'yarka yana shiga wayar baƙo. A riƙa sa masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci. Ka kuma gargaɗi yaron: duk saƙon da ya shigo daga JAMB kada ya amsa shi da kansa.

Ranar da makaranta ta gabatar da sunanta, rubutun zai canja zuwa `Admission in Progress`. Wannan alama ce mai kyau, ana jiran amincewar JAMB, babu abin da za ku yi sai dubawa kullum. Idan an amince, sunan makaranta da na sashe za su fito, kuma wuraren `Accept` da `Reject` za su buɗe. Tana iya karɓa ta hanyar tura kalma ɗaya daga wancan layin zuwa 55019 ko 66019:

```
ACCEPT
```

A tabbata akwai kuɗin kati a layin, ba data ba, domin ana cirar kuɗin saƙo. Idan layin ya gagara, ta je cibiyar CBT ko ofishin JAMB ta dangwala yatsa. Wa'adin da hukumar ta sa mako 4 ne. Wanda ya yi shiru har ya wuce yana iya rasa kujerar, kuma an sha rasa gurbi ta wannan hanya a gidajen da ake jiran wani ya zo ya ce suna ya fito.

Kafin a tura kalmar nan a karanta sashen da kyau, a zauna a yi shawara da yarinyar da mahaifiyarta. Da zarar ta karɓa, an cire ta daga kasuwa, wata makaranta ba za ta ƙara ganinta ba a wannan shekara. Idan ta ƙi, kujerar ta tafi ga na bayanta, ita kuma ta koma jiran abin da ba tabbas.

Akwai wani wuri a gefen hagu na CAPS da mutane ba sa leƙawa, `Transfer Approval`, kuma ga mai 214 a jinya yana iya zama nan ne labarin yake. Idan makaranta ta ga ɗalibi bai kai makin sashen da ya nema ba amma ya cancanci wani, takan yi masa tayin komawa can, misali daga jinya zuwa Bayoloji ko Kemistiri. Tayin ba ya fitowa a babban shafin. Can zai ci gaba da nuna NOT ADMITTED, tayin yana kwance a wancan lungu yana jiran amsa. Sai ta amince da shi sannan makaranta za ta iya gabatar da sunanta a sabon sashen. Ku leƙa wurin a duk dubawa. Kusa da shi akwai `Marketplace`, inda wata makarantar da ba ta cika ba kan yi wa ɗalibi tayi. Yawanci masu zaman kansu ne ke yawaita a nan, don haka a tambayi kuɗin makaranta kafin a taɓa komai.

Idan tayin canjin sashe ya zo, za a sami mai ce muku ta karɓa kawai, in ta shiga aji biyu a mayar da ita jinya. Ra'ayinmu kada ku gina shawara a kan wannan. Kujerun da aka ƙidaya a aji ɗaya su ne dai a aji biyu, kuma akwai masu shigowa aji biyu kai tsaye da takardar karatun gaba da sakandare da ke jiran nasu kason. Ta karɓi Bayoloji idan za ta iya zama da Bayoloji har ƙarshe. Idan kuwa zuciyarta na kan jinya, hanyoyi biyu suka rage mata: kwalejin jinya, akwai a Gusau akwai a Birnin Kebbi, inda 214 ke da nauyi fiye da yadda yake da shi a jami'a, ko ta haƙura ta sake jarrabawa baɗi. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Wanne ya fi, ya danganta da ƙarfin aljihunka da kuma ko yarinyar mai iya zama ta yi karatu a gida ce na wata shida ba tare da ta yi sakaci ba. Kai ka fi mu sanin wannan.

Canja makaranta ko sashe shi ma a cibiyar CBT ake yi, da kuɗin da ake biyan JAMB, kuma yana da tarko biyu. Na farko, makarantun gwamnati galibi wanda ya sa su zaɓin farko kawai suke dubawa, saboda haka ranar da ta mayar da wata makaranta zaɓin farko, ta fita daga layin jami'ar da take jira. Na biyu, idan sabuwar makarantar ta riga ta rufe tantancewa, an yi biyu babu. Sai an fara zuwa ko an duba shafin makarantar an tabbatar tana karɓar masu canji, kuma za ta sake buɗe tantancewa, sannan a canja. Jere abin shi ne: a ɗora sakamako, a ba jami'a mako biyu ko uku ana dubawa, ana kuma bincikar inda ƙofa ke buɗe, sannan a yanke. Amma kada jiran ya zarce, don JAMB na sa wa makarantu ranar rufe ɗaukar ɗalibai kowace shekara, kuma ta jami'o'in gwamnati takan riga ta kwalejoji. Idan kun je Gusau ɗora sakamakon, ku tambayi ranar ta bana a ofishin, ku rubuta a bayan takardar rijista.

Kuɗi na farko da zai fita hannunka da sunan gurbi yana zuwa ne bayan ta karɓa a CAPS, ba kafin nan ba. Za ta buga takardar shaidar gurbi ta JAMB daga shafin da ta shiga, sannan ta koma shafin makaranta ta biya kuɗin karɓar gurbi ta lambar biya da shafin ya fitar da sunanta, irin lambar RRR ta Remita, a banki ko ta waya. Asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ko wane ne shi a makarantar, ba a tura masa. Kowace takarda a yi mata hoto biyu, ta asali ta zauna a gida cikin jakar takardu sai ranar da aka ce a zo da ita. Bayan an yi bikin rantsar da sababbin ɗalibai, ta sake shiga shafin JAMB ta duba `Matriculation List` ta ga sunanta da sashen da take zaune a ciki sun yi daidai. Idan sun saɓa, tun tana aji ɗaya ta kai maganar ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar.